Sitiyarin Mota a Tsohon Hoton Illela

Idan akwai mota a tsohon hoton gidanku, fara duba sitiyarinta kafin tufafi don sanin lokacin da aka ɗauki hoton. Babbar riga takan yi ruɗi, don ana gadonta, ɗa ya sa ta mahaifinsa ranar sallah.

A Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Saboda haka mota mai sitiyari a dama galibi ta shigo kafin lokacin, kodayake ta iya daɗewa tana aiki. Amma a Illela sitiyarin hagu ba hujja ba ne, domin motocin maƙwabciyarta Ƙwanni da shi suke tun zamanin Faransawa. Sai ka duba lambar motar.

Lura da rubutun jikin motar kuma. In ya fito a juye, an wanke hoton a birkice, dama ta koma hagu.