Amsoshin Tambayoyinku: Yaya zan rubuta wa Inna ta zo Yamai ta huta?

Wani mai karatu ɗan Madarumfa da ke aiki a Yamai ya aiko da wannan tambaya. Mahaifiyarsa ta haura shekara 70, kuma in ban da Maraɗi da ƙauyukan kusa, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba sai don biki ko ta'aziyya. Yana son ta zo wurinsa ta huta, ta ga gari. Da ya taɓo zancen a waya sai ta yi dariya ta kau da shi. Yanzu wasiƙa yake son rubuta mata, yana tambaya ta ina zai fara don kada ta tsorata.

Madalla da ɗa irinka, Allah ya yi albarka. Amma bari in fara da ɗan gyara: ba lalle tsoro ne ya sa ta dariya ba. Iyayenmu ba su saba fita ba tare da dalili ba, kuma akwai kunya, balle in kai ne ɗan fari, wanda ko sunanka ba ta kamawa. Ba za ta ce maka "wa zai ba awakina ruwa?" ko "ina zan kama ruwa a hanya?" ba, alhali su ne ke cikin ranta. Aikin wasiƙarka shi ne ta amsa waɗannan tambayoyi tun ba a yi su ba.

Kafin ka ɗauki alƙalami, ka tuna cewa mai yiwuwa wani ne zai karanta mata, jika ko maƙwabci, ƙila ma a tsakar gida kowa na ji. Saboda haka kada ka sa adadin kuɗi, kada ka ambaci ciwonta, kada kuma ka rubuta abin da zai sa ƴan'uwanka su ji kamar gori kake yi. Kuɗi ka aika su daban ta hannun wanda zai raka ta. In mahaifinka na da rai, shi za ka fara nema da maganar. In ya rasu, sai kawu ko babban wa. Tsohuwa takan fi saurin yarda in ta ji manya sun riga sun sa baki.

Sai dalili. Kada ka buɗe da yawon buɗe ido. Wadda ta tashi a bakin tafkin Madarumfa, inda baƙi ke zuwa ziyarar kushewun waliyyai 99, ta san masu yawon gani, sai dai ba ta taɓa lissafa kanta cikinsu ba. Zumunci ne zai tashe ta: jikoki na son ganinta, kuna son ta sa wa gida albarka. Ganin gari ya biyo baya.

Lokaci ma yana cikin lallashi. Da damina ba za ta bar gona ba, haka lokacin girbin hatsi wajen Oktoba. A Afrilu da Mayu zafin Yamai kan wuce digiri 40, bai dace da mai shekaru ba. Ni dai na fi son ƙarshen Disamba: amfani ya shiga rumbu, yara na hutun makaranta, sanyi kuwa bargo da rigar sanyi sun ishe shi. Ka faɗi ranar tafiya, ka kuma faɗi ranar komowa, don ita ta biyun ce ta fi kwantar mata da hankali. Zuwan farko kada ya wuce mako guda ko kwana goma.

Batun hanya ne nake son ka tsaya a kai, domin nan ƴaƴa ke kuskure, su ce "ai nan da nan ne". Daga Madarumfa zuwa Maraɗi kam ba nisa, wajen kilomita 25 ne. Amma daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, ta Ƙonni da Dogondutsi da Dosso, yini ne cur a zaune. In ka ɓoye mata, tun kafin Ƙonni za ta gane, kuma ba za ta sake yarda da sauran tsarin ba. Faɗa mata gaskiya, amma a yanka ta gunduwa-gunduwa: kwana a Maraɗi tunda manyan motoci da asuba suke tashi, sannan tsayawa a hanya don salla da abinci. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Zuwa ga Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina Kawu da su Gwaggo da dukan mutanen gida? Mu ma nan lafiya lau, sai kewarku. Inna, wata alfarma nake roƙo. Takwararku ta fara wayo, kullum sai ta tambayi kakarta, ga shi har yau ba ku taka gidan nan kun sa mana albarka ba. Na yi magana da Kawu, ya ce in dai kun yarda shi ba shi da ta cewa. In Allah ya kai mu ƙarshen Disamba, Auta za ta ɗauko ku ranar Asabar, ku kwana a Maraɗi wurin Gwaggo, da asuba ku kamo hanya. Tafiyar da ɗan tsawo, yini ce, amma mota na tsayawa a yi salla a ci abinci, kuma Auta na gefenku har ku sauka. Ni da kaina zan tarbe ku a tasha. An gyara muku ɗaki a ƙasa, da tabarmar salla da buta. Awaki da kaji kuwa matar Yaya ta ɗauki nauyinsu. Kwana takwas kawai, ranar Litinin ta sama kuna gida in sha Allah. In kun huta kuna da sha'awa, sai mu je ku ga babban kogi, ku gwada shi da tafkinmu. Ba gaggawa, ku yi shawara, abin da kuka ce shi za a yi. Naku, ɗanku."

Ka lura wuri ɗaya kawai na ambata. Akwai gadar Kennedy, da gidan tarihi na Boubou Hama mai namun daji, da Babban Masallaci don sallar Juma'a, amma in ka jera su duka a takarda, gajiya za ta hango. Ka bar su sai ta iso, wuri ɗaya a yini, da safe, bayan ta yi kwana biyu tana hutawa.

Sauran bayani na mai rakiya ne, a waya. Ta riƙe katin ɗan ƙasa na Inna a kusa, domin ana dubawa a hanya. In Inna tana shan maganin hawan jini ko na sukari, a sa shi a jakar hannu da takardar likita, wanda zai isa har komowa, kuma a ga likita tun kafin tafiya. A nemi kujera a gaba-gaba, inda jijjiga ba ta da yawa. Tsofaffi kan ƙi shan ruwa don gudun fitsari a hanya, sai su sauka da jiri da ciwon kai. Mai rakiya ta riƙa miƙa mata ruwa kaɗan-kaɗan, a duk tsayawa kuma ta sauko da ita ta taka, don zama mai tsawo na kumbura ƙafa. In Inna ta damu da salla, a tuna mata matafiyi na yin kasaru, wato ya mayar da mai raka'a huɗu biyu, amma da ta sauka gidanka da niyyar kwana huɗu ko fiye sai ta cika.

In amsa ta dawo "sai mun gani", kada ka ɗauka ƙi ne, kada kuma ka sayi tikiti. Ka bari mako guda ya wuce, sannan ka sa jikar ta gaishe ta a waya ta tambaye ta yaushe za ta zo. In kuwa nisan ne ya tsaya mata a rai, ka zo da iyalinka ku yi kwana uku tare da ita a Maraɗi, Yamai a bar ta sai baɗi.