Dalilin da Ya Sa Ake Rufe wa Ma'aikaci Wasu Ayyuka, da Hanyar Neman Izni

Sau da yawa ma'aikacin gwamnati yakan zauna gaban kwamfutar ofis, ya shiga da sunansa da kalmarsa ta sirri, amma ya tarar wani aikin da abokinsa na teburin kusa ke gani shi bai fito masa ba. Wani sai ya ɗauka na'urar ce ta lalace, wani kuma ya zaci shugabansa ne bai yarda da shi ba. Galibi ba ko ɗaya daga cikin biyun. An tsara aikin gwamnati ne yadda kowa zai ga abin da ya shafi kujerarsa kawai. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, da misali daga aikin biyan kuɗi, sa'an nan ya nuna hanyar da ma'aikaci zai bi ya sami izni.

Ka'ida ce tun zamanin fayil

Tun kafin zuwan kwamfuta kowace ma'aikata tana da rajista iri biyu, watau buɗaɗɗiya da ta asiri. An kasa takardun asiri hawa huɗu gwargwadon ɓarnar da fitarsu za ta jawo, kuma ba a miƙa fayil ɗin asiri sai ga wanda aikinsa ya bukaci ya gani. Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 ta haramta bayyana irin waɗannan takardu ba da izni ba. Saboda haka girman muƙami kaɗai bai isa hujja ba. Darekta a sashen gine-gine ba shi da hurumin karanta fayil ɗin ladabtar da wani ma'aikacin sashen kuɗi, alhali kuwa ƙaramin akawun da ke riƙe da rajistar asiri yana ɗaukar wannan fayil kullum, domin aikinsa ke nan.

Da aka mai da ayyuka cikin kwamfuta, wannan ka'ida ce aka bi. Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS a 2007, ta kuma fara sarrafa kasafi da biyan kuɗi ta tsarin GIFMIS a 2012, a ƙarƙashin Ofishin Akanta Janar na Tarayya. A irin waɗannan tsare-tsare kowane mai shiga yana da matsayin da aka rubuta masa, kuma matsayin nan shi ke yanke abin da zai fito masa a kan allo. Abin da makulli da kabad suke yi a da, shi matsayi yake yi yanzu.

Hannu ɗaya ba ya biyan kuɗin gwamnati

Babban dalilin rufe wasu ayyuka shi ne raba aiki tsakanin mutane, don kada mutum guda ya fara biya ya kuma ƙare shi shi kaɗai. A tsarin GIFMIS takardar biya takan bi ta hannu huɗu. Na farko shi ne mai shigarwa, wanda ke rubuta sunan wanda za a biya, da adadin kuɗi, da kason kasafin da za a cire su. Na biyu mai dubawa, wanda ke gwada abin da aka shigar da takardun da ke cikin fayil. Daga nan sai mai amincewa na farko, sa'an nan mai amincewa na ƙarshe, wanda bayan yardarsa ne kuɗi ke fita.

Mai shigarwa ba zai ga wurin amincewa ba, ko da ya shekara ashirin a sashen. Dalili a fili yake. In da mutum ɗaya zai iya shigar da bauca ya kuma amince da ita, to ba abin da zai hana shi ƙirƙiro ɗan kwangilar da babu shi ya biya kansa. Ko da kuwa amintacce ne, kuskuren sifiri guda ya isa ya mai da naira dubu ɗari huɗu ta zama miliyan huɗu, kuma ido na biyu ne ke kama irin wannan.

Akwai dalili na biyu. Na'ura tana rubuta sunan duk wanda ya taɓa takarda, da rana, da lokaci. Idan masu binciken kuɗi suka zo, wannan rubutu suke bi. Ma'aikacin da ba a buɗe masa wani aiki ba, ba za a tuhume shi a kan wannan aiki ba. Ashe ke nan rufewar kariya ce gare shi ma.

Yadda za a gane dalilin rufewa

Kafin ma'aikaci ya rubuta takarda, ya kamata ya tabbatar da abin da ke damunsa, domin ba kowace ɓoyuwa ce rashin izni ba. In na'ura ta ƙi karɓar sunansa tun daga bakin shiga, to matsalar ta kalmar sirri ce, ko kuwa an dakatar da sunan. In ya shiga, wurin aikin yana nan amma wata takarda guda ce bai gani ba, mai yiwuwa ba ta iso hannunsa ba tukuna, tana wajen wanda ke gabansa a jeri, sai ya tambaye shi. In kowa a ofis ya kasa ganin kome, wannan matsalar layi ce. Amma in ya shiga lafiya, abokan aikinsa masu irin aikinsa suna ganin wurin, shi kuwa babu shi sam, to lalle ba a rubuta masa wannan matsayi ba. A nan ne ake neman izni.

Misali

A ɗauka an yi wa wani akanta mai matakin albashi na 9 canji daga wata ma'aikata zuwa wata. A tsohon wurinsa shi mai dubawa ne. A sabon wurin shugaban sashe ya ba shi aikin shigar da baucoci. A makonsa na farko aka kawo masa fayil na ɗan kwangilar da ya kawo takardun rubutu na naira 480,000. Ya shiga na'ura, bai ga wurin shigarwa ba, abin da ya gani ma duk na tsohuwar ma'aikatarsa ne. Takardar canji ta kawo shi sabon ofis, amma matsayinsa a na'ura yana nan inda ya baro.

Ɗan kwangila yana matsa lamba. Wanda ya bar kujerar yana cikin ginin, har ya ce ga kalmarsa ta sirri a yi aiki da ita kafin izni ya fito. Akantan ya ƙi, kuma daidai ya yi. Da ya karɓa, da na'ura ta rubuta cewa wancan ne ya shigar da baucar, a ranar da ba shi ke kan kujerar ba. In daga baya aka gano ba a kawo kayan cikakku ba, mutum biyu ne za su amsa tambaya, ɗaya don ya ba da kalmarsa, ɗaya don ya yi aiki da sunan wani. Kayan aro ba ya rufe katara. Bugu da ƙari, Dokar Laifuffukan Kwamfuta ta 2015 ta mai da shiga na'ura ba da izni ba laifi.

Abin da ya yi shi ne, ya rubuta takarda ran nan zuwa ga Darektan Kuɗi ta hannun shugaban sashensa. A ciki ya faɗi cikakken sunansa, da lambar fayil ɗinsa, da matakinsa, da ranar da ya kama aiki. Ya ambaci matsayi guda ɗaya da yake nema, watau na mai shigarwa. Ya haɗa da kofen takardar canji da na jadawalin aikin da aka ba shi. Ya kuma roƙi a soke tsohon matsayinsa na mai dubawa a ma'aikatar da ya baro. Ya riƙe kofe mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata. Da Darekta ya amince, ma'aikata ta aika da sunansa ga masu kula da tsarin. Ita kuwa baucar naira 480,000, shugaban sashe ya ba wani ma'aikaci mai matsayin shigarwa ya shigar da ita da sunansa, aka biya ɗan kwangila ba a karya ka'ida ba.

Abin da ke sa a karɓi roƙo ko a ƙi

Abubuwa uku ne suka sa roƙon wannan akanta ya yi kyau. Na ɗaya, ya biyo ta hannun shugabansa. Ma'aikacin sashen kwamfuta ba shi da ikon ba kowa matsayi don sun saba ko don an roƙe shi a baki. Aikinsa ya aiwatar da abin da hukuma ta amince da shi a rubuce. Na biyu, ya dogara da jadawalin aiki, domin izni kujera yake bi, ba mutum ba. Na uku, ya nemi abin da yake bukata kawai. Takardar da ta ce a buɗe wa mai ita duk abin da wane ke gani, ita ce ta fi saurin dawowa, don ba ta nuna aikin da za a yi ba.

Ana iya ƙin roƙo ko da an rubuta shi daidai. In matsayin da ake nema ya ci karo da wanda mutum ke riƙe da shi, kamar mai shigarwa ya nemi ya zama mai amincewa kuma, ba za a ba shi ba sai ya saki ɗaya. Idan haka ta faru, ma'aikaci ya sanar da shugabansa a rubuce cewa aikin da aka ɗora masa ba zai yiwu da matsayin da yake da shi ba. Daga nan nauyi ya koma kan shugaba, ko ya gyara jadawali ko ya ba wani aikin. Kada ma'aikaci ya yi shiru har aiki ya makara, domin takardarsa ita ce shaidarsa ranar da aka tambayi dalilin jinkiri.

Lokacin hutu da barin aiki

Mafi yawan aron kalmar sirri lokacin hutu yake faruwa. Maganinsa shi ne shugaban sashe ya zaɓi wanda zai riƙe kujerar tun kafin mai ita ya tafi, a nema masa matsayi da sunansa, a faɗi ranar farawa da ranar ƙarewa. Haka kuma duk wanda aka yi wa canji ko ya yi ritaya, ya rubuta matsayinsa na na'ura a cikin takardar miƙa aiki, kamar yadda yake rubuta makullai da fayiloli, don a soke shi. Sunan da aka bari a buɗe bayan mai shi ya tafi ƙofa ce ga maha'inci, kuma sunan mai shi ne zai fito a bincike.

Har ila yau, in ma'aikaci ya tarar an buɗe masa abin da bai shafe shi ba, kamar bayanin albashin wani sashe, wajibi ne ya sanar da shugabansa nan da nan, kada ya shiga dubawa. Kuskuren wanda ya buɗe ba ya zama izni ga wanda ya gani.

Saboda haka ana jan hankalin ma'aikata duka su san matsayin da aka rubuta musu, su gwada shi da jadawalin aikinsu, su nemi gyara a rubuce duk inda biyun suka saɓa. Shugabannin sassa kuma su riƙa tura irin waɗannan takardu da wuri, musamman a makon da sabon ma'aikaci ya kama aiki.