Kuɗin Haraji a Hannunka Amana Ne

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa, duk lokacin da jami'an haraji suka zagayo sai kuka ya tashi, wai gwamnati na cinye mana riba. A kan harajin nan da ake rubutawa VAT a ƙasan rasit, wannan kuka ba shi da tushe. Tun Janairun 1994 ake karɓarsa a Najeriya, da farko kashi 5 cikin ɗari, daga Fabrairun 2020 ya koma 7.5.

Mu bi takalmi ƙafa ɗaya mu gani. Kamfanin jima a Kano ya sayar da fata naira 10,000, ya ɗora harajin naira 750, ya miƙa wa hukuma. Mai masana'anta ya ɗinka takalmi ya sayar naira 24,000, ya karɓi harajin 1,800. Sai ya cire 750 ɗin da ya riga ya biya a kan fata, ya kai 1,050. Mai kanti kuma ya sayar naira 30,000, ya karɓi 2,250, ya cire 1,800, ya kai 450. In ka haɗa kason mutum ukun nan za ka sami 2,250 cif, wato daidai abin da mai sa takalmin ya ƙara a kan farashi. Shi ne ba shi da wanda zai ɗora wa, don haka shi ya biya duka. Sauran kuwa 'yan aike ne kawai.

To, a nan gizo ke saƙa. Wasu sukan karɓi harajin daga hannun mai saye, su zuba shi cikin jari, su saro kaya da shi. Misalinsu kamar uwar adashi ce. Mata sun yi ta kawo mata zubi, wannan daga kuɗin ƙosai, waccan daga kuɗin kitso, ta ƙulle a bakin zane. Ranar kwasa ta zo, sai ta ce ai ta saya wa 'yarta kwanuka da su. Wa zai kira wannan kasuwanci? Sunansa cin amana, kuma kowa ya san matsayinsa a addini. Kai da kake haka, ka ci kuɗin talakan da ya biya ka, ka ci na al'umma, sa'an nan ga tara tana jiranka. Wa'adin kai lissafi shi ne 21 ga watan da ya biyo bayan ciniki. Kada ka ce ba a gaya maka ba!

Sakaci da rasit ma ɓarna ne. Mai kantin da ya yar da takardar 1,800 ba shi da hujjar cirewa, ƙarshenta ya tura asarar kan mai saye. Kayan abinci na yau da kullum, da magunguna, da littattafai, ba a ɗora wa mai saye wannan haraji a kansu. Wanda ya ƙara maka shi a kan kwanon gero, ka ce ya nuna maka a rubuce.