Daga kasuwa zuwa kasuwa: yadda za a rage sayayyar da ba a shirya mata ba

A Nguru da Gashuwa, koken da na fi ji daga ma'aikata da matan gida shi ne albashi ko kuɗin adashi sun ƙare, ba a san inda suka tafi ba. In aka zauna aka bi lissafi, sau da yawa ba wani babban abu ne ya cinye su ba. Turmin atamfar da dillaliya ta kawo har ɗaki ne, da takalmin da aka gani a status na WhatsApp, da turaren da aka tsinta ranar kasuwa alhali cefane aka fita yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sha'awar abu tana tashi ne lokacin da ido ke kansa, mai kaya kuma na cewa "saura ɗaya". A da, ƙirga takardun kuɗi na sa mutum ya ɗan dakata. Yanzu da OPay ko Moniepoint, kafin tunani ya zo an riga an tura. A 2001 wasu masana biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun nuna cewa mutane kan yarda su biya kuɗi mafi yawa a kan abu ɗaya idan da kati za su biya maimakon kuɗin hannu.

Maganin farko shi ne jira, kuma kasuwar mako ta ba mu ma'auni. Abin da ba ka fita dominsa ba, in bai kai naira 5,000 ba, ka kwana a kansa. Daga nan zuwa 20,000, bari sai kasuwa ta zagayo. Wanda ya haura haka, sai albashi na gaba. Amma a kula: da zarar ka ba da kafin alƙalami ko ka ce "ajiye min", jiran ya mutu, domin kunya za ta sa ka koma ka biya. Haka karɓar kayan dillaliya "ki duba zuwa gobe". Kayan da ya kwana a ɗaki da wuya ya fita. "Zan neme ki in Allah Ya yarda" ta isa amsa.

Abin da aka jinkirta sai a rubuta shi a bayan wani littafi: sunansa, farashinsa, ranar da aka gan shi, da abin da ake da shi a gida mai yin aikinsa. Wannan na ƙarshen ne ya fi tona gaskiya.

Mu ɗauki misalin malamar makaranta mai albashin naira 90,000. A wata guda ta rubuta abu uku: leshi na 28,000, kular abinci ta 12,000, da jaka ta 9,000. Da kasuwa ta zagayo, jakar ta fita daga ranta, tana da biyu. Kular ta tsaya, domin tsohuwar ta daina riƙe zafi, sai ta sa ta cikin kasafin gida. Leshin ya jira ƙarshen wata, kuma har lokacin tana sonsa. To nan ne kuɗin shaƙatawa ke shigowa. Ta ware kashi 5 cikin ɗari na albashinta, wato 4,500, kuɗin hannu a jaka daban, ba a asusun waya ba. Da su za ta sayi tsire, kwalliya ko duk abin da ranta ya so, ba mai tambayarta. In tana son leshin, sai ta riƙa adana 3,500 daga ciki, wata takwas ta cika 28,000. In ta ga wata takwas ya yi yawa, ta gane ke nan leshin bai kai mata abin da zai ci ba.

Ina dagewa a kan wannan kaso, domin wanda ya hana kansa komai yakan yi wata biyu yana daurewa, sannan ya ɓarke a rana guda. Alamar tsarin ya lalace ita ce ka fara "ranto" daga kuɗin cefane don cika kason, ko ka ga duk abin da ka rubuta sai ka saye shi. In haka ta faru, ƙara tsawon jiran.

Akwai inda jira ba ya aiki. Magani, kuɗin makaranta, taki a damina, da gero ko shinkafa lokacin kaka da farashi ke ƙasa, waɗannan shiri ake yi musu tun da wuri. Ankon biki kuwa yana zuwa da wa'adi da matsin 'yan uwa, don haka tun farkon shekara a yanke shawarar anko nawa za a yi, na waye da waye, a raba kuɗinsu a kan watanni.