Darasin Sakatariya: Ƙa'idoji Uku na Rubuta Rahoton Taro

Darasinmu na wannan fitowar na duk wadda aka ɗora wa nauyin sakatariya ne. Rahoton taro, wato abin da muke kira minit, shaida ce da za a koma wa idan gardama ta tashi, musamman kan kuɗi. Ana rubuta shi ne domin wadda ba ta halarci zaman ba, don haka yana da ƙa'idoji uku.

Ta farko, a rubuta komai a matsayin abin da ya riga ya wuce. Kina rubutu ana cikin taro, amma sai bayan wata guda za a karanta. Kada ki ce "Ma'aji tana bayani", ki ce "Ma'aji ta yi bayani". Haka nan kalmomi irin su yau, gobe da jibi ba su da gurbi, domin goben ranar taro ba ita ce goben mai karatu ba. Ki sa kwanan wata cikakke.

Ta biyu, ki cire kanki daga ciki. Babu "na ce", babu "mun yarda". Ko ke ce kika yi magana, sai ki rubuta "Sakatariya ta karanta rahoton zaman da ya gabata". Ki kira kowa da muƙaminta. Hausa ta sauƙaƙa mana da "an" da "aka": an amince, aka ɗage zaman. Amma a kula, wajen rabon aiki "an" ɓarna take yi. Idan kika rubuta "za a sayo", ranar bin bahasi kowa sai ta ce ba ita aka sa ba.

Ta uku, ki zaɓi kalmomin aiki marasa ɗaukar ɓangare: ta ce, ta tambaya, ta ba da shawara, ta goyi baya. "Ta yi ƙorafi", "ta dage" ko "ta caccaki" hukuncinki ne, kuma su ne ke jawo rigima ranar karanta rahoto.

Ga misali. A ce Ma'aji ta miƙe ta ce: "Wallahi na gaji da bin mutane! Mutum goma ba su biya ba, kuma gobe zan kai kuɗin banki." Sai ki rubuta: "Ma'aji ta sanar cewa mambobi 10 ba su biya kuɗin wata ba. Ta ce za ta kai abin da aka tara banki ranar 6 ga Mayu." Kin ga "za ta" ya halatta a nan, tunda yana bayan "ta ce". Gajiyar ta fita, adadi da rana da mai aikin sun zauna.

Kafin ki miƙa wa Shugaba ta sa hannu, ki bi layi-layi ki nemo "na", "mun" da "gobe", ki gyara su. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.