Yadda Sabon Shiga Zai Tsara Gudu na Mako Takwas

Kowace shekara, idan gasar wasanni ta makaranta ta matso, sai ka ga ɗalibai sun cika fili suna gudu kamar ana korarsu. Bayan kwana uku kuwa rabinsu sun koma ɗingishi. Ba lalaci ne ya kayar da su ba, gaggawa ce. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, amma jijiyoyi da ƙasusuwan ƙafa sai a hankali, kuma a ranar hutu ne suke gyara kansu su ƙara ƙarfi.

Alal misali, a ce ga wani ɗan aji huɗu a Abare wanda bai taɓa yin gudu mai nisa ba, yana so ya iya gudun minti 20 ba tsayawa. To, kwana uku kawai zai riƙa fita a mako, watau Litinin da Laraba da Asabar, bayan sallar asuba. Kowace fita zai fara da tafiyar minti 5, ya rufe da tafiyar minti 5. Abokinsa zai riƙe masa agogo.

A makon farko zai yi gudun minti 1, ya bi shi da tafiyar minti 2, har sau shida. Gudun duka minti 6 ke nan, kuma zai ga kamar wasa ne. Kada ya ƙara. A mako na biyu sai ya mai da shi sau takwas. A na uku ya yi gudun minti 2 da tafiyar minti 2, sau biyar. Mako na huɗu kuwa sai ya koma aikin mako na biyu. Wannan shi ne makon da masu zafin kai suka fi rainawa, alhali a cikinsa ne gajiyar da ta taru take fita daga ƙafa.

Daga nan sai zangon gudu ya riƙa tsawo, tafiyar tsakani tana nan minti 2. Mako na biyar minti 3 sau huɗu, na shida minti 5 sau uku, na bakwai minti 9 sau biyu. A mako na takwas ya yi minti 10 sau biyu ran Litinin, ya sassauta ran Laraba, ran Asabar ya ɗauki minti 20 ɗinsa gaba ɗaya. Duk tsawon makonnin nan saurinsa bai canza ba, lokaci ne kaɗai ya ƙaru. Ma'aunin sauri kuwa mai sauƙi ne: idan ba ya iya yi wa abokinsa magana yana gudu, to ya yi yawa.

A nan akwai abin da ya shafi iyayenmu. Ranar da yaro ya wuni a gona yana yankan gero ko ɗaukar dammuna, wannan rana ba ta hutu ba ce, ko da bai yi gudu ba. Lalle ne a lissafa ta cikin kwanakin aiki, a ɗage fitar gobe. Don haka a ganina gara a fara bayan an gama kaka, tun kafin zafin Maris da Afrilu ya kama.

Yaya zai gane ya wuce gona da iri? Tsamin cinya da yake zuwa washegari, ya tafi cikin kwana biyu ko uku, ba komai ba ne. Amma ciwo a wuri ɗaya a ƙwauri ko gwiwa, wanda yake ƙaruwa in an taka, yana bukatar a tsaya har ya warke. Haka nan ya saba ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa da ya farka: ya ƙirga na daƙiƙa 30, ya ninka biyu. In ya saba samun 70, yau ya sami 80 ko fiye, ya huta. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, in ya warke sarai ya koma baya da mako ɗaya ko biyu. Mai sikila ko asma, da wanda ƙirji yake yi wa zafi ko jiri yake ɗiba, ya ga ma'aikacin lafiya tukuna.

Sai zancen wurin gudu. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da Abare. Mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin mai tafiya, saboda haka ya nisanci inda ake niƙa dutse ko shanya garinsa. Filin makaranta ya ishe shi. Ya sha ruwa kafin fita, in ya dawo ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya karya kumallo.