Farke, Fatake da Fatauci: Yadda Sautin Hausa Ke Sauyawa

A ɗakin kwananmu ba a rasa gardama kan wa ya fi iya Hausa. Mu 'yan Birnin Kudu da Gwaram mukan ce "zauna", "aure", "sauka", "auduga". Basakkwace kuwa ya ce "zamna", "amre", "sabka", "abduga", sai a kwashe da dariya a ce ya karya harshe. To, masana tarihin Hausa sun nuna nasa furucin ne tsohon. Mu ne muka sauya. Tambayar ita ce, ta yaya sauyi irin wannan yake shiga harshe? Yakan share dukkan kalmomi ne gaba ɗaya, ko bi yake ɗaya bayan ɗaya?

Masana sun rabu gida biyu. A shekarar 1878 wasu Jamusawa biyu, Hermann Osthoff da Karl Brugmann, suka ce sauyin sauti ba ya zaɓen kalma. In sauti ya sauya a wani muhalli, to duk kalmar da ke da shi a wannan muhallin za ta sauya, ba togiya. A 1969 kuma William Wang, wanda ya yi nazarin kare-karen harshen Sin, ya ce sauyi kan fara ne da 'yan kalmomi, ya riƙa yaɗuwa kalma-kalma, wani lokacin ma ya tsaya a hanya bai gama ba.

Bari mu gwada su da Hausa. Wajajen 1928 August Klingenheben ya lura cewa wasu baƙaƙe kan raunana in sun zo a ƙarshen gaɓa. Sautin "k" ko "g" ya koma "u", sautin "t" kuma ya koma "r". Ku dubi talaka da talauci. A ta-la-ka, "k" yana farkon gaɓa, sai ya tsira. Da aka ɗafa masa "ci" sai ya faɗo ƙarshen gaɓa, ta-lak-ci, ya zama talauci.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na farke. Saiwar kalmar tana da baƙaƙe uku: f, t, k. A jam'i, fa-ta-ke, kowanne yana farkon gaɓa, duka ukun suna nan. A tilo, fat-ke, "t" ne ya zo ƙarshe, sai ya zama farke. A sunan sana'ar, fa-tak-ci, "k" ne ya zo ƙarshe, sai ya zama fatauci. Saiwa ɗaya, fuska uku, kuma kowacce ka'ida ce ta haife ta. Wannan sauyi na "k" da "g" ya game Hausa gabas da yamma, shi ya sa Basakkwace ma talauci yake cewa. Nan dai Osthoff da Brugmann sun ci.

Sautukan leɓe, wato "b", "f" da "m", su ne masu rigima. Komawarsu "u" ta faru a gabas, a Kananci da irin Hausarmu, ba ta kai Sakkwato ba. Amma ko a nan gida, me ya sa sabka ta zama sauka, shibka ta zama shuka, alhali har gobe muna cewa tafki da tsafta? Ba wanda ke cewa "tauki".

Kafin mutum ya yi tsalle ya ce ga hujjar Wang, akwai tambayoyi uku da ya kamata ya yi wa kowace kalmar da ta ƙi sauyawa. Ta farko: muhallin ɗaya ne kuwa? A tambaya, "m" ya tsira, a zamna da amre bai tsira ba, domin "m" gaban "n" da "r" yake komawa "u". Ka ga tambaya ba ta karya doka ba, dokar ce ba ta shafe ta ba tun farko. Ta biyu: kalmar baƙuwa ce da ta shigo bayan sauyin ya wuce? Oktoba tana da "k" a ƙarshen gaɓa, ba ta zama "Autoba" ba, don ta zo ne bayan kasuwa ta watse. Haka Audu da Abdu: Audu ya bi hanyar auduga, Abdu kuwa karatun Larabci ke riƙe da shi. Ta uku: ko wata 'yar uwar kalmar ce ta ja ta? Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe da rairaya, shi kaɗai za a iya kafa hujjar yaɗuwa kalma-kalma da shi. Tafki na cikin waɗanda sukan rage a rariya, shi ya sa muhawarar ba ta mutu ba.

Tambaya ta ukun ce ta kawo mu ga kwaikwayo, yadda masu magana ke daidaita kalmomi su yi kama da juna. Ɗauki Buzu. Tsohuwar siffarsa bug-zu ce, mai baƙi a ƙarshen gaɓar farko kamar bir-ni. Yadda birni ya ba da birane, gulbi ya ba da gulabe, haka bugzu ya ba da bugaze, sai "z" ya koma "j" gaban "e" kamar yadda ya saba, aka sami Bugaje. Daga baya "g" na tilon ya narke ya zama "u", aka sami Buzu mai dogon wasali. Yanzu yaro mai koyon magana ba ya jin wata alaƙa tsakanin Buzu da Bugaje. Abin da kunnensa ke ji shi ne Buzu ya yi kama da suna da zomo, masu ba da sunaye da zomaye. Sai ya ce Buzaye. Haka ɓauna ta bar ɓakane ta koma ɓaunaye.

Ku lura da abin mamaki a nan, wanda Edgar Sturtevant ya yi fice da bayyana shi. Sauyin sauti yana bin ka'ida, amma shi ya raba Buzu da Bugaje ya haifar da ruɗani. Kwaikwayo ba shi da ka'ida, amma shi ke gyara ruɗanin. Na ce ba shi da ka'ida ne saboda ba ya taɓa kowa. Fatake na nan daram. Zuciya, wadda "k" ɗinta ya narke a tilo ya tsira a zukata, yau tana da jam'i biyu, zukata da zuciyoyi, kowanne da masu faɗarsa. Galibi kalmar da ake yawan furtawa ita ke riƙe tsohuwar siffarta. Wadda ba a cika ji ba, kamar ɓakane, ita kwaikwayo ke cinyewa.

Wannan na da muhimmanci ga gardamar farko, domin kwaikwayo ma kalma-kalma yake tafiya. Wanda bai yi hattara ba zai ga Buzaye ta sauya, fatake ba ta sauya ba, ya ce ai ga yaɗuwa kalma-kalma. Alhali ba sautin da ya motsa a Buzaye, sabon jam'i aka ƙera. Alamar ganewa ita ce, sauyin sauti bai damu da tilo ko jam'i ba, muhallin sauti kawai yake kallo. Kwaikwayo kuwa kullum za ka iya nuna kalmar da aka kwaikwaya.

In an yi hutu kun koma gida, ga aiki mara tsada. Ku tambayi dattijo ɗaya da yaro ɗaya jam'in ƙyaure, juji da ɓauna. Ku rubuta wa ya ce ƙyamare da jibaje, wa ya ce ƙyauraye, a wane gari, yana da shekara nawa. Wanda ya samo amsa daga Gwaram, ya kwatanta da ta Birnin Kudu.